Ranar ƙirgar kaya a sito da gwajin iyakar shekara: jagora ga sabon odita

Kamfanin da ke sarin kayan masarufi, yawancin dukiyarsa a jibge take a sito, kuma adadin kayan da aka ce sun rage a ƙarshen shekara kai tsaye yake shiga lissafin riba. In aka ƙara buhu ɗari a wannan adadin, riba ta hau da kuɗin buhu ɗari alhali ba a sayar da ko ƙwaya ɗaya ba. Shi ya sa ƙa'idar binciken asusu ta ISA 501, wadda oditoci a Najeriya ke aiki da ita, ta wajabta wa odita halartar ƙirgar kaya matuƙar kayan suna da nauyi a cikin asusun, sai fa in halartar ta gagara ta kowace hanya. Da can ba haka ake yi ba. Sai da asirin kamfanin magunguna na McKesson & Robbins ya tonu a Amurka a 1938, aka tarar kayan miliyoyin daloli da ke cikin littattafansa babu su a ko'ina, sannan a 1939 akantocin ƙasar suka mayar da zuwa ganin kaya da ido ya zama ƙa'ida.

Sai dai ganin kaya da ido rabin aikin ne. Ana iya ƙirga kowane buhu daidai, amma riba ta fito ƙarya, saboda takardar saye ko ta sayarwa ta faɗa cikin shekarar da ba tata ba. Gwajin iyakar shekara shi ke gano wannan, kuma abin da za ka kama shi da shi a watan Fabrairu, a ranar ƙirgar kake tattara shi. In ranar ta wuce ba ka ɗauka ba, shi ke nan.

Bari mu bi misali guda har ƙarshe. A ɗauka kamfani ne da ke da sito a Sharaɗa a Kano, yana sarin shinkafa da sukari masu kilo 50 da man girki a jarka mai lita 25, yana da ƙaramin reshe a Katsina, shekarar kuɗinsa kuma tana ƙarewa ranar 31 ga Disamba 2024, wadda ta kama Talata. Farashin da za mu yi amfani da shi na misali ne kawai.

Kafin ranar

Ƙirgar ta kamfani ce, ba taka ba. Su za su ƙirga, kai kuma ka duba ko tsarin da suke bi abin dogaro ne, ka gwada wani yanki da hannunka. Saboda haka ka nemi rubutaccen umarnin ƙirga tun da sauran mako guda ko biyu, ka karanta shi da alƙalami a hannu. Abin da kake nema a ciki kaɗan ne. Wa zai ƙirga? In sitokifa ne da yaransa kaɗai, akwai matsala, don mutum ba ya ƙirga abin da shi za a tuhuma in ya ɓace. Kowace tawaga tana buƙatar mutum daga wani sashen, galibi ofishin akanta. Shin takardun ƙirga suna da lambobi a jere, kuma akwai mai riƙe da rajistar wanda aka ba wace? Shin an buga adadin da ke cikin kwamfuta a jikin takardar? In an buga, ka nemi a cire, domin mai ƙirgar da ya ga 2,160 a rubuce zai ɗaga kai ya kalli tsibin ya ce e, haka ne. Sannan za a dakatar da shiga da fitar kaya ranar ko kuwa?

Ka karɓi jerin kayan da ke cikin littafi tare da kuɗinsu, don ka san inda dukiyar ta taru. A sito irin wannan za ka ga iri uku ko huɗu sun cinye mafi yawan kuɗin, a nan za ka ɓata lokacinka. Ka kuma tambayi duk wuraren da kamfanin ke ajiya, har da shagon haya a bayan kasuwar Singa da ba a cika ambatonsa ba. Hanyar gano irin wannan ita ce duba kuɗin haya da kamfanin ya biya a shekarar da kuma takardar inshora. In akwai wurare biyu da ke ɗauke da kaya iri ɗaya, a ƙirga su rana ɗaya, in ba haka ba tirela guda tana iya kwana a hanya a ƙirga kayanta sau biyu.

Da isarka, lambobi kafin buhuna

Sabon odita da ya shiga sito, ƙafarsa wajen tsibin kaya take ja. Ka daure ka fara da teburin sitokifa. Ka ce masa, «Malam, a taimaka mini da littattafan karɓar kaya da na fitarwa, duk wanda ake aiki da shi.» Takardu huɗu kake bi: takardar karɓar kaya wadda ake buga GRN a samanta, takardar rakiyar kayan da suka fita wato webil, takardar tura kaya zuwa reshe, da takardar kayan da abokin ciniki ya dawo da su. A kowane littafi ka rubuta lambar ƙarshe da aka cike, da kwanan wata, da irin kayan da adadinsu da lambar motar. Ka kwafe guda biyar zuwa goma na ƙarshe. Sannan ka buɗe shafin da ke biye, wanda ba a taɓa ba, ka ɗauki hotonsa yana fari fat. Wannan hoton shi ne shaidarka cewa da ƙarfe takwas na safiyar 31 ga Disamba lambar nan ba a yi amfani da ita ba.

A misalinmu ka samu GRN na ƙarshe 4417, webil na ƙarshe 8862.

Tambayar da mutane ke mantawa ita ce ko akwai wani littafin. Sitoci da yawa suna buɗe littafin webil biyu ko uku lokaci guda, ɗaya na manyan motoci, ɗaya na masu a-kori-kura da 'yan kura, wani kuma yana aljihun teburin manaja. In ka ɗauki lambar littafi ɗaya ka bar biyu, ka rufe ƙofa ɗaya ka bar biyu a buɗe. Ka nemi rajistar littattafan da aka karɓo daga maɗaba'a ka ga jerin lambobin da aka fitar. In a kwamfuta ake fitar da takardun, a buga maka jerin na ƙarshe a gabanka, da lokacin bugawa a jiki.

Daga nan ka je get. Littafin maigadi ba kowa ke kula shi ba, don haka ba a cika gyara shi ba. Ka ɗauki hoton shafukan kwana uku na ƙarshe. In akwai sikelin mota, ka rubuta lambar tikitinsa na ƙarshe shi ma. Ka zagaya harabar ka rubuta kowace mota da ke tsaye: lambarta, abin da ke cikinta, shigowa take ko fita, kuma an yanka mata takarda ko ba a yanka ba. A ce ka tarar da mota ɗauke da jarkokin mai ta kwana a harabar ba a sauke ba, ba a kuma yi mata GRN ba. Ku zauna da akantan kamfanin a yanke magana tun da safe. Ga al'ada, kayan da suka iso harabar kamfani kafin shekara ta ƙare nasa ne, don haka a karɓe su, a yanka musu GRN 4418, a ƙirga su, kai kuma ka gyara lambarka ta ƙarshe zuwa 4418 ka rubuta dalili. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ƙirga kayan a bar takardar sai sabuwar shekara.

Cikin sito

Ka fara da kallo. Ka bi tawaga ɗaya na ɗan lokaci ba ka ce komai ba, ka ga ko abin da umarni ya ce shi ake yi: ɗaya na ƙirgawa ɗaya na rubutawa da biro, ana manna alama ko a ja alli a duk tsibin da aka gama, ana bin sito layi-layi ba tsalle-tsalle ba. In ka ga mai rubutu yana leƙa katin da ke rataye a jikin tsibi yana kwafe adadin, ba ƙirga ake ba, ka gaya wa mai kula da aikin nan take a sake wannan ɓangaren.

Sannan ka yi taka ƙirgar ta gwaji, ta fuska biyu, kuma kowace da abin da take kamawa. Ka zaɓi layi a takardar ƙirgarsu ka je ka nemo kayan a ƙasa. Wannan yana nuna abin da aka rubuta akwai shi. Ka kuma zaɓi tsibi a ƙasa, musamman na lungu da na bayan ƙofa, ka nemo shi a takardarsu. Wannan yana nuna ba a tsallake komai ba. Ka rubuta lambar takardar da layin kowane gwaji, don da su za ka bi sawu daga baya.

Buhuna ba a ƙirga su ɗaya-ɗaya. Ana ƙirga tsawo da faɗi da hawa a ninka. Tsibin da ke da buhu 12 a tsawo, 10 a faɗi, hawa 18, ya kama 2,160. Amma wannan lissafin ya dogara ne kan cewa cikin tsibin a cike yake kamar wajensa, kuma daga ƙasa ba za ka san haka ba. Dole a kawo tsani ka hau. A sama ne za ka ga hawan ƙarshe bai cika ba, an ɗebi 35, adadin ya koma 2,125. A sama ne kuma za ka ga ko an jera buhuna kamar katanga an bar rami a tsakiya, ko an cusa katako. In tsibin ya jingina da bango har ba ka ganin bayansa, ko an jera shi a karkace yadda hawa bai daidaita ba, ka nemi 'yan dako su buɗe hanya ta gefe ɗaya. Za a yi gunaguni, don aiki ne mai nauyi kuma kuɗi ne, amma tsibi ɗaya ko biyu da kai ka zaɓa, ba wanda aka nuna maka ba, ya isa ya gaya maka halin sauran. Ka lura kuma da yadda ake sarƙa buhuna: wani hawan a tsaye, na samansa a gicciye, don haka adadin hawa biyu da ke jere yana iya bambanta. Ka ƙirga biyun.

Ka sa a ɗora wasu buhuna a sikeli. Buhun da aka tsiyaye da bututu yana nan a matsayin buhu ɗaya a takarda, amma kilo 46 ne a ciki. Jarkar mai kuma ka duba hatimin murfinta, ka ɗaga wasu daga tsakiyar jeri. In kamfanin na ajiye mai a tanki, awon zurfi daga sama kaɗai ba ya wadatarwa, domin mai a kan ruwa yake tasowa. Da wannan dabarar aka yaudari masu duba tankokin man girki a New Jersey har abin ya fashe a 1963. A ɗebo samfur daga ƙasan tankin.

Kana tafe kana rubuta halin kayan. Sukarin da ya sha danshi ya dunƙule, shinkafar da ƙwari suka shiga, buhunan da ɓera ya huda, jarkar da kwanan watanta ya kusa ƙarewa, tsibin da ƙurar da ke kansa ta nuna ya ga damina biyu. Ƙa'idar IAS 2 ta ce a rubuta kaya da kuɗin sayensu ko kuɗin da za a samu in an sayar bayan cire ɗawainiyar sayarwa, duk wanda ya fi ƙasa. A ofis babu wanda zai gaya maka sukarin ya dunƙule. Lambar tsibin da hoton da ka ɗauka su ne za su sa a rage kuɗinsa.

Akwai tambaya guda da za ka yi ta maimaitawa: wannan na waye? A kasuwancin Kano abu ne sananne dila ya biya kuɗin kaya ya bar su a siton mai sayarwa har sai ya samu mota ko wurin ajiya. Wani lokacin ma kayan aboki ne aka ba shi aron wuri. A misalinmu, sitokifa ya nuna maka wani ɓangaren sukari ya ce, «Waɗannan 400 na wani Alhaji ne, an sayar masa.» Ka duba da kyau. An ware su gefe? Akwai sunan mai su a jiki? Ko kuwa suna cikin babban tsibi ne, da baki kawai aka ce nasa ne? Ka rubuta abin da idonka ya gani, da kuma ko an sa su a takardar ƙirga. A nan an sa su, kuma ba a ware su ba. Za mu dawo kansu.

In dole mota ta yi lodi ana cikin ƙirga, a yi a gabanka, ka rubuta lambar webil ɗin, ka tabbatar ko daga tsibin da aka riga aka ƙirga aka ɗiba. In daga shi ne, a rage a takarda, mai kula da ƙirga ya sa hannu.

Kafin ka tafi, ka zagaya sito na ƙarshe ka ga ko akwai tsibin da babu alama. Ka duba rajistar takardun ƙirga: an fitar da 1 zuwa 40, an cike 31, an soke 2, bakwai sun dawo farare. Ka ɗauki hoton duka 31 ɗin, a ja layi a sauran filin da ba a cike ba a kowace takarda don kada a ƙara wani abu daga baya. Ka koma teburin sitokifa ka sake duba lambobin ƙarshe, domin wanda ka gani da safe ba lalle ne shi ne na yamma ba. A misalinmu ranar ta ƙare da GRN 4418 da webil 8862.

Bayan makonni, a ofishin akanta

Za a miƙo maka jerin ƙarshe na kaya da kuɗinsu. Ka bi gwaje-gwajenka ɗaya bayan ɗaya ka ga adadin da ka ƙirga shi ne ya shiga. Ka ɗauki wasu layuka daga jerin ka koma da su kan hotunan takardun ƙirga. Layin da ke cikin jerin amma babu shi a hotunanka yana buƙatar bayani mai ƙarfi. Ka kula da ma'auni, don katan da ƙwaya suna yawan musanya wuri wajen shigarwa.

Sai ka kwatanta ƙirga da littafi. A misalinmu littafi ya ce shinkafa 9,240, ƙirga ta ba da 9,815, rarar 575. Sukari littafi ya ce 3,100, ƙirga ta ba da 3,500, rarar 400. Akantan ya gyara littafi ya koma daidai da ƙirga, rarar ta shige riba. Buhu ba ya haihuwa a sito. Rara mai yawa irin wannan kusan kullum takarda ce ba ta shiga inda ya kamata ba, kuma daga nan gwajin iyakar shekara yake farawa.

Ƙa'idar gwajin mai sauƙi ce. Duk kayan da suka shigo da GRN 4418 ko ƙasa da haka, dole su kasance cikin ƙirga in ba su riga sun fita ba, cikin sayayyar 2024, kuma cikin bashin da masu kawo kaya ke bin kamfanin in ba a biya ba. Daga 4419 zuwa sama na 2025 ne a duka wuraren uku. Duk kayan da suka fita da webil 8862 ko ƙasa, dole su kasance cikin cinikin 2024 kuma babu su a ƙirga. Daga 8863 zuwa sama, suna cikin ƙirga in sun shigo kafin iyaka, babu su a cinikin 2024.

Fara da sayayya. Ka ɗauki GRN goma na ƙarshe kafin iyaka da goma na farko bayanta, ka nemo inbois ɗin kowanne, wato takardar neman kuɗin kayan, da ranar da aka shigar da shi. A nan ka ci karo da GRN 4416 na ranar 30 ga Disamba: tirela guda ta shinkafa, buhu 600, tan 30 ke nan. An sauke, an ƙirga. Amma takardar ta zauna a sito ba ta kai ofis ba, inbois ɗin mai kawo kayan kuma sai 6 ga Janairu aka shigar da shi, a matsayin sayayyar sabuwar shekara. In buhu ya kama naira 70,000, kaya na naira miliyan 42 suna cikin dukiyar ƙarshen shekara ba tare da kuɗin sayensu ba. Riba ta kumbura da miliyan 42, bashin da ake bin kamfanin ya ragu da miliyan 42. Gyaran shi ne a mayar da sayayyar da bashin cikin Disamba. Adadin kayan ba a taɓa shi, don ƙirgar daidai take.

Yanzu koma kan rarar. In aka ƙara 600 a kan 9,240, littafi ya kamata ya ce 9,840. Ƙirga ta ba da 9,815. Ashe ba rarar 575 ba ce, giɓin buhu 25 ne, na naira miliyan 1.75, wanda kuskuren takarda ya lulluɓe. Wannan giɓin sai an bi shi daban.

Kada ka tsaya kan bin GRN zuwa littafi kaɗai. Ka juya: ɗauki sayayyar da aka shigar a makon ƙarshe na Disamba ka nemo GRN ɗinta, ka ɗauki ta makonnin farko na Janairu ka ga ko akwai mai lamba 4418 ko ƙasa. Takardar bayanin asusu da manyan masu kawo kaya ke aikowa ita ma tana taimakawa, don su ba sa mantawa da abin da suke bi.

Sai ciniki, inda aka fi samun ganganci, domin manajan da ke neman cika adadin shekara a nan yake matsawa. Ka ɗauki inbois ɗin sayarwa na kwanakin ƙarshen Disamba, musamman manya, ka nemo webil ɗin kowanne. Ga inbois na 31 ga Disamba, sukari buhu 400 a kan naira 76,000, jimla miliyan 30.4. Webil ɗinsa 8865 ne. Ko ba ka duba kwanan wata ba, lambar ta wuce 8862, kuma hotonka ya nuna 8863 fari ne a ranar ƙirga. Littafin maigadi ya nuna motar ta fita 3 ga Janairu. Su ne buhunan Alhajin nan. Kwamfuta ta cire su daga littafi lokacin da aka buga inbois, ƙirga ta dawo da su a matsayin rara, don haka sun shiga ciniki sun kuma shiga kayan da suka rage. An ci ribarsu ta baki biyu.

Ɗaya daga cikin biyun dole ya fita, kuma wanne ne ya dogara da ko ikon kayan ya koma hannun mai saye kafin shekara ta ƙare. Ƙa'idar IFRS 15 ta yarda a rubuta ciniki alhali kayan suna siton mai sayarwa, amma da sharuɗɗa huɗu tare: akwai dalili na gaske, misali mai sayen ne ya nemi a ajiye masa, an ware kayan an san su a matsayin nasa, a shirye suke a ɗauka, kuma mai sayarwa ba shi da damar amfani da su ko ba wa wani. Da an cika waɗannan, cinikin ya tsaya, sai a cire buhu 400 daga ƙirga. In an saye su a kan 72,000, riba ta ragu da miliyan 28.8. Amma abin da ka rubuta ranar ƙirga ya nuna suna cikin babban tsibi babu suna babu alama, duk wanda ya zo da mota daga nan za a loda masa. Sharaɗi na biyu ya faɗi. Don haka cinikin ne zai koma Janairu, miliyan 30.4 su fita daga cinikin 2024, kayan su zauna a ƙirga, in kuma Alhajin ya riga ya biya, kuɗinsa su zauna a matsayin kuɗin da aka karɓa kafin a ba da kaya. Manaja zai ce maka ai an biya, ciniki ya faɗa. Biyan kuɗi shi kaɗai ba ya cikin abin da ke yanke wannan hukunci.

Kayan da ke kan hanya suna buƙatar karanta yarjejeniya. Tirelar da ta yi lodi a masana'anta a Legas ranar 29 ga Disamba ta iso Kano 2 ga Janairu tana da GRN na sabuwar shekara, ba a kuma ƙirga ta ba. In kamfanin ne ya tura motar haya ya karɓi kayan a ƙofar masana'anta, nasa ne tun 29 ga wata, a sa su cikin kaya a matsayin na kan hanya, a sa bashinsu. In mai sayarwa ne ke da alhakin kawowa har Sharaɗa, ba su shiga 2024 ta kowace fuska. Kuskuren da ke taɓa riba shi ne a shigar da inbois a Disamba a manta da kayan. Haka za ka bi kayan da aka tura Katsina: kowace takardar turawa ta kwanakin ƙarshe ka haɗa ta da takardar karɓa ta can, ka tabbatar wuri ɗaya tak suka bayyana.

Ka leƙa watan Janairu da Fabrairu ka duba takardun soke ciniki da na dawo da kaya. Babban ciniki ranar 30 ga Disamba da aka soke ranar 10 ga Janairu da dalilin «kuskuren shigarwa», ko dilan da aka tura wa kayan da bai nema ba ya dawo da su, ciniki ne na takarda. In ka ga biyu ko uku irin wannan, maganar ta wuce kuskure, ka kai ta ga shugaban tawagarka a ranar.

In ka samu kuskure ko ɗaya a cikin goman da ka gwada, ka faɗaɗa, ka ci gaba baya da gaba har sai ka wuce kwanaki da dama ba ka ga wani ba. Ka kuma duba jerin lambobin kansa: webil mai kwanan watan 31 ga Disamba da ya zo bayan mai 3 ga Janairu an mayar masa da kwanan wata baya ne. Inda takardun sito suka zama abin shakka, ka nemi shaidar da ba ta bi ta hannun ofis ba: littafin maigadi, tikitin sikeli, ranar da aka biya direba kuɗin mota, sa hannun mai karɓa a kwafin webil, da lissafin shugaban 'yan dako, wanda ake biya bisa kowane buhu kuma ba ya yarda a ci masa ko ɗaya.

Wani kamfanin ba ya ƙirga ranar 31, sai ya zaɓi Asabar 28 ga Disamba don kada kasuwa ta tsaya. Wannan ya halatta, amma iyaka ta zama biyu. Ka ɗauki lambobin ƙarshe ranar ƙirga, ka sake samun na ranar 31, gara ka koma da ƙafarka ka gani. Adadin ƙarshen shekara shi ne abin da aka ƙirga, a tara da duk GRN da ke tsakanin lambobin biyu, a debe duk webil da ke tsakaninsu. Ka gwada waɗannan shige da ficen da takardunsu, kuma in littafin sito ya riga ya nuna ba abin dogaro ba ne, kamar yadda na misalinmu ya nuna, ka nemi a yi ƙirgar ranar ƙarshen shekarar kanta.

Abin da ka samu ka jera shi a takardar kurakurai, kowanne da lambar takardarsa da tasirinsa: GRN 4416, riba ta ragu da miliyan 42, webil 8865, riba ta ragu da miliyan 30.4, giɓin shinkafa buhu 25, wanda ƙirga ta riga ta cire daga kaya amma ba a gano dalilinsa ba, sai kayan da suka lalace da ke jiran a rage kuɗinsu. Jimlar biyun farko, miliyan 72.4, ita za a auna da mizanin kuskuren da aka tsayar tun farkon binciken. In ta wuce shi kuma kamfanin ya ƙi gyarawa, abokin tarayyar kamfanin oditoci da zai sa hannu a rahoton ne zai yanke yadda ra'ayin zai canza bisa ƙa'idar ISA 705. A wasiƙar shawarwari ga shugabannin kamfanin kuma ka sa abubuwa uku da wannan shekarar ta nuna: GRN ya riƙa kai wa ofishin akanta a ranar da aka yanka shi, kada a buga inbois sai an yanka webil, kayan da aka sayar ba a ɗauka ba kuma a ware musu wuri da sunan mai su a jiki.